Jawabin maraba da ya jawo mini faɗa

Sakataren manaja: Jama'a, ku yi mana alƙalanci. Masu zuba jari daga Turkiyya sun ziyarci masana'antarmu ta fata a Challawa. Na kwana ina rubuta wa maigida jawabin minti 3, Turanci da Hausa. A na Hausar na kira su "abokan tarayyarmu". Yau ya ce na kunyata shi. Ina laifina?

Tsohon tafinta: Ɗana, laifin yana cikin kalmar nan. Bahaushe in ya ji tarayya, ya ji an haɗa dukiya, riba tare, asara tare. Mutanen nan kuwa duba wuri suka zo yi, ko takarda ba a sa wa hannu ba. A Turanci kalmar tana da faɗi, ana faɗa wa wanda ake zawarcinsa ma. Da ka ce "baƙinmu da muke fatan ƙulla hulɗa da su".

Sakataren manaja: Baba, ai baƙin ba sa jin Hausa.

Tsohon tafinta: Ma'aikatanku suna ji. Na Hausar dama don su aka yi shi.

Ma'aikaciyar ɗakin rini: Wallahi gaskiyar Baba ce. Ina wurin. Kafin a gama rabon lemo, an fara raɗe-raɗin an sayar da rabin kamfanin, wani har yana tambayar ko za a rage mutane.

Ɗan Bompai: Haba Hajiya! Tarayyar Najeriya ma ai tarayya ce, wa ya sayar da ita? Kalmar ba ta da aibi.

Malamin Hausa: Waccan daban. Amma ni "abokan hulɗa" ma ba ta yi mini ba, ta mai saye da mai sayarwa ce.

Ɗan Bompai: Ku malamai ba ku taɓa sayar da ko ƙirgi ɗaya ba.

Malamin Hausa: Alhaji, a bar zancen sana'a.

Baƙo daga Maraɗi: Mu nan Faransanci da Hausa muke yi. Shugabanmu ya karanta na Faransanci duka, sannan ya koma na Hausa daga farko, baƙi suna ta duba agogo. Yanzu sakin layi ɗaya nan, ɗaya can.

Wata 'yar kasuwa: Me ya hana ku rubuta da Turkanci?

Tsohon tafinta: Wa zai karanta, 'yata? Sai dai Turancin ya zama gajerun jimloli, don su ma ba harshensu ba ne. Kuma in akwai kuɗi a ciki, a faɗi naira ce ko dala a duka biyun.

Ɗan Bompai: A taƙaice dai, yawancinmu mun yarda yaron bai yi laifi ba, manajan ne bai karanta takardar kafin taro ba.

Ma'aikaciyar ɗakin rini: Alhaji, wane yawanci? Kai kaɗai ka faɗa.