Abin da aka tattauna kan tsara masallacin unguwa

Na tattara ra'ayoyin 'yan uwa:

1. Alƙibla. Kowa ya yarda a daidaita ta kafin a haƙa tushe. Daga Kano ba gabas sak take ba, ta ɗan karkata arewa. Wasu sun ce kamfas ya isa, amma a nisanta shi daga rodi da mota, ƙarfe na ruɗa shi. Wasu sun fi amincewa da inuwa: 27 ko 28 ga Mayu wajen ƙarfe 10 da minti 18, da 15 ko 16 ga Yuli wajen ƙarfe 10 da minti 27 na safe agogon Najeriya, rana na saman Ka'aba. A kafa sanda a tsaye, a tsaya a kan inuwarta a fuskanci ranar, alƙibla ke nan. Ni ma na fi natsuwa da wannan, in ba hadari.

2. Sahu. Kimanin mita 1.2 kowanne. A ja layi kafin a kafa ginshiƙai, kada su yanke sahu.

3. Wurin alwala a baya ko gefe, da magudana. Kada banɗaki ya fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya.

4. Ƙofofi a baya da gefe, don kada makararre ya ratsa gaban mai salla. Mata da ƙofarsu da wurin alwalarsu. An rabu kan shamaki: wasu bango, wasu labule don su riƙa jin liman sosai.