Tambayar tura kaya da jawo kaya: yadda muka amsa ta a jarrabawa

Ɗalibar aji uku: A zangon da ya wuce an ce mu kwatanta tsarin tura kaya da tsarin jawo kaya, mu kafa misali da abinci da tufafi. Na rubuta cewa abinci jawo shi ake yi tunda yana lalacewa, tufafi kuwa tura su ake yi tunda suna jure ajiya. Maki 8 na samu cikin 20, kuma malamin ya ja layi a ƙarƙashin wannan jimlar. 'Yan'uwa da suka taɓa amsa ta, ina na kuskure?

Wanda ya kammala bara: 'Yar'uwa, ni ma a nan na faɗi a gwajin farko. Abin da ke raba tsarin biyu shi ne abin da ya sa aka fara aikin, hasashen buƙata ne ko odar mai saye. Manomin tumatir a Kadawa yana shuka watanni kafin ya san wanda zai saya, saboda haka tura kaya yake yi, shi ya sa idan kakar tumatir ta yi kwanduna suka cika kasuwa farashi ke faɗuwa, wani ma ya ruɓe. Mai shayi kuwa ba ya fasa ƙwai sai an ce masa a soya.

Ɗan kasuwa mai karatun yamma: Ni da shagonmu na Kantin Kwari na amsa. Muna saro shadda tun kafin azumi bisa abin da muka sayar bara, kuma akwai shekarar da wata kala ta kwanta mana har muka karyar da ita. Na kammala da cewa jawo kaya ya fi, domin tela mai jiran oda ba ya asara.

Malama mai koyar da darasin: Alhaji, misalinka ya yi, amma hukuncinka bai cika ba. Telan da ke jiran oda ya tsira daga kwantai, sai dai a goman ƙarshe na azumi ɗinki yana fin ƙarfinsa, har ya saɓa alkawari. Idan ina duba takarda, ina neman ɗalibin da ya bi riga guda ya nuna cewa daga masaƙa zuwa shago turo yadin aka yi, daga lokacin da tela ya ɗauki awo kuma odar mai riga ce ke jan aikin. Kamfanin Benetton na Italiya ya matsar da wannan iyaka ta tsakanin turawa da jawowa ta hanyar saƙa riguna ba launi, sai an ga kalar da ke tafiya a rina su.

Ɗalibar aji uku: Na gode, Malama. To mai waina da ta jiƙa shinkafa tun dare, amma take suya sai layi ya taru, a jiƙon iyakar take ko a bakin tanda?