Tiredin ɗin nan da nake yi riba ce ko wahalar banza, da na riƙe Bitcoin kawai?

Sadik Gwammaja:
Salam yan uwa, shawara nake nema. Farkon Janairun 2024 na fara tiredin da 1,000 USDT, kuɗin kirifton nan da ke tafiya daidai da dala, lokacin naira miliyan 1.2 kenan, Bitcoin wato BTC kawai nake saye da sayarwa a sifot, wato kai tsaye da kuɗina, ba na taɓa fiyucas. Ƙarshen Disamba asusuna ya kai abinda idan na canza zai ba ni miliyan 2.6 da ɗoriya, wato ribar kashi 120 cikin ɗari. Yayana ya ce da na saya na ajiye na je na kwanta da na fi haka, ni kuma na duba na ga shi ma Bitcoin ɗin kusan kashi 120 ya tashi a shekarar. To ashe ba kunnen doki muka yi ba? Ta yaya ake auna wannan abin tsakani da Allah?

Malam Bashir:
Wa alaikumus salam Sadik. Kafin komai, nawa ne a asusun a USDT, ba a naira ba?

Sadik Gwammaja:
1,600 ne Malam.

Malam Bashir:
To ka ga inda gizo ke saƙar. Mudu biyu daban ka yi awo da su, naka ka auna da naira, na Bitcoin ka auna da dala. Daga 1,000 zuwa 1,600 kashi 60 ne, ragowar da kake gani ba hannunka ba ne, naira ce ta faɗi daga wajen 1,200 zuwa sama da 1,600 a kasuwar bayan fage, ko wanda ya sayi USDT ya manta da lambar sirrinsa har shekara ta zagayo ya samu wannan ɓangaren.

Ga yadda nake yi, kuma shi ya fi sauƙi, ka mayar da komai BTC. Ranar da ka fara farashi yana wajen dala 42,000, dubunka ɗaya za ta saya maka 0.0238 BTC. Ƙarshen shekara yana wajen 93,000, to 1,600 ɗinka me za ta saya? 0.0172 kacal. Kenan ka shiga kasuwa da kuɗin 0.0238 ka fito da kuɗin 0.0172, sama da kashi ɗaya cikin huɗu ya zube duk da cewa dalarka ta ƙaru. Wanda ya riƙe bai taɓa ba yana da kusan dala 2,200, a naira sama da miliyan 3.6. A wannan lissafin na farko dai yayanka ne da gaskiya, amma kar ka yi saurin ba shi kofi, akwai tambayoyi biyu da suka rage. Ka taɓa cire kuɗi ko ka ƙara a tsakiyar shekarar?

Abba Kirifto:
Nima dai abinda nake faɗa kullum kenan, riƙewa ita ce sarki, ba wani tiredin da zai doke ta. Kuma fa oga Sadik baka cire kuɗin caji ba, kashi 0.1 ake cira in ka saya a sake cira in ka sayar, in ka cire wannan daga 1,600 ɗin zaka ga abin ya fi haka muni

Malam Bashir:
A'a Abba, cajin ya riga ya fita, duk sanda ya danna saye ko sayarwa nan take ake zare shi, abinda yake gani a asusu saura ne, in ya sake cirewa ya cire sau biyu. Inda maganarka take aiki shi ne ga mai gwada dabara a kan tsohon cat ɗin farashi, a nan ne mutane suke mantawa da caji su ga riba ta ƙarya. Shiga da fita ɗaya kashi 0.2 ne, in mutum yana juya duk jarinsa sau ɗari a shekara kusan kashi 20 na jarin ya tafi a caji kaɗai, kuma mai riƙewa sau ɗaya ya biya. Amfaninsa ga Sadik shi ne ya sauke tarihin cinikinsa ya tara cajin ya gani ko shi ne ya cinye tazarar.

Batun ba wanda zai doke riƙewa kuma, je ka tambayi wanda ya saya a 69,000 cikin Nuwamban 2021 ya zauna yana kallo har ya dawo ƙasa da 16,000 bayan rushewar dandalin cinikin kirifto na FTX a Nuwamban 2022. Wanda ya zauna da USDT ɗinsa bai yi komai ba a 2022 ma ya doke Bitcoin nesa ba kusa ba, kuma ba wai don ya iya wani abu ba.

Sadik Gwammaja:
Ban ƙara ba Malam, amma na cire 200 USDT ana gobe babbar sallah na haɗa kuɗin rago. Wannan ma yana shiga lissafi?

Malam Bashir:
Sosai ma kuwa, ai ragon ma daga asusun ya fito. Ka ɗauka kana da asusu na biyu a takarda wanda ba ya komai sai riƙe BTC, duk abinda ka yi wa na gaske na saka kuɗi ko cirewa sai ka yi wa na takardar a rana ɗaya da farashin ranar. Tsakiyar Yunin 2024 farashi yana wajen 66,000, don haka mai riƙewa shi ma sai ya sayar da 0.0030 kafin ya samu dala 200 ɗin ragonsa.

```
0.0238 - 0.0030 = 0.0208 BTC
0.0208 x 93,000 = 1,934
```

Ka ga yanzu ba 2,200 za ka gwada da 1,600 ba, wajen 1,930 ne, tazarar ta sauko daga ɗari shida zuwa ɗari uku da ɗan wani abu. Har yanzu kana baya amma ba kamar ɗazu ba. Masu ƙara kuɗi duk wata su ma haka za su yi, kowane ƙari a raba shi da farashin ranar a tara BTC ɗin, in ba haka ba mutum zai riƙa lissafa albashinsa da ya zuba a matsayin riba, na sha ganin masu turo hoton asusu a nan da wannan matsalar.

Tambaya ta biyu, cikin shekarar nan yawanci kuɗinka yana cikin BTC ne ko yana zaune a USDT kana jiran dama? Kuma mafi munin faɗuwar da asusun ya yi daga ƙololuwarsa kashi nawa ne?

Ummu Hanan:
Dan Allah ku yi haƙuri na shigo tsakiya, ni ina cikin wani gurup na siginal, masu faɗin lokacin saye da sayarwa, da nake biya duk wata, suna cewa a siginal goma takwas suna ci, kenan wannan ya fi riƙewa ko? ko in fita

Nura Funtua:
Hajiya takwas cikin goma ba ya nuna komai sai kin san nawa ake ci nawa ake faɗi. In sau takwas kika ci dala biyar biyar sannan sau biyu kika faɗi talatin talatin, kin ci arba'in kin zubar da sittin. Ki yi irin lissafin da Malam ya nuna da naki asusun, ki kuma cire kuɗin da kike biyansu wata wata, shi wannan ba ya fita da kansa daga asusun, daga jakarki yake fita. Kuma a shekara irin 2024 kusan duk wanda ya ce a saya zai yi kama da gwani.

Sadik Gwammaja:
Gaskiya yawanci rabin kuɗin nake shiga da shi, rabi na barshi a USDT saboda tsoro. Faɗuwa kuma ban taɓa aunawa ba, na dai tuna farkon Agusta ranar da komai ya yi ja cikina ya ɗuri ruwa amma ban kai ga asarar da mutane suke ta kuka da ita ba

Malam Bashir:
To wannan ya canza hoton. In rabin kuɗinka ne kawai yake cikin haɗari, gwada ka da wanda ya zuba duka ba adalci ba ne, abokin gwajinka shi ne malalacin da ya sayi BTC na 500 a Janairu ya bar 500 a USDT ya kashe waya. Ɗari biyar ɗinsa ta BTC ta zama wajen 1,100, ya cire kuɗin rago daga ɓangaren USDT saura 300, jimla wajen 1,400. Kai kana da 1,600. A wannan ma'aunin kai ne a gaba da kusan dala 200.

Shi ya sa na tambayi faɗuwa. BTC ya kai wajen 73,000 a Maris, ranar 5 ga Agusta ya taɓa wajen 49,000, kusan kashi ɗaya cikin uku kenan, mai riƙe duka ya sha wannan gaba ɗaya, mai rabi da rabi ya sha wajen kashi 20 ko sama kaɗan. In naka asusun bai faɗi ya wuce na mai rabi da rabi ba kuma ka fi shi a ƙarshe, to hannunka ya ƙara wani abu. In kuma ka duba ka ga a watannin da kasuwa ta tashi ka ɗan riƙa shiga da duka kuɗin ba rabi ba, to ɗari biyun nan ƙarin haɗari ne ya kawo ta ba iyawa ba. Ka fitar da abinda ke asusun a ƙarshen kowane wata ka jera, gefe ɗaya kuma farashin BTC na ranakun, a nan za ka gani, duk da cewa lissafin wata wata zai ɓoye maka ramin 5 ga Agusta, wannan ranar ka duba ta daban.

Nura Funtua:
Malam a nan kam ban bi ka ba. Ba wanda ya ɗaure masa hannu ya ce ya bar rabi a USDT, shi ya zaɓa, kuma zaɓin yana cikin dabarar tasa. Tambayar yayansa ita ce da ka saya ka ajiye, amsar kuma 1,930 da 1,600. In kowa zai zaɓi abokin gwajin da ya fi masa daɗi bayan an gama wasa ai ba wanda zai taɓa faɗuwa. Sannan dala 200 a shekara guda ta kwana kallon cat, raba ta wata goma sha biyu ka cire kuɗin data ka gani.

Malam Bashir:
Maganarka ta zaɓen ma'auni bayan an gama wasa gaskiya ce Nura, tun ranar farko ya kamata a rubuta shi. Inda muka rabu shi ne ni ban yarda Sadik zai iya riƙe duka ba, mutumin da ya ce cikinsa ya ɗuri ruwa da rabin jari, da duka ne a ciki wa ya sani ko a 50,000 zai sayar. 1,930 ɗin ta wanda ya iya zama ce. Kuma shekara ɗaya mai hawa ba ta isa hukunci ba ko ta wane ɓangare, irin dabararsa ta fita da wuri dole ta sha kashi a shekarar hawa, inda za ta biya bashin shi ne shekarar zuba. Sadik in dokokin shigarka da fitarka a rubuce suke, ɗora su a kan cat ɗin 2022 daga wajen 47,000 zuwa 16,500, kana rufe gaban cat ɗin kana buɗewa kyandir ɗaya ɗaya, ka sa caji, ka ga me za ta bar maka.

Sadik Gwammaja:
Matsalar ba a rubuce suke ba Malam, wani lokacin layukan da na ja nake bi wani lokacin kuma yadda na ji a raina ne. Zan dai fitar da na wata watan in turo nan. A ina ake ganin tsohon abinda ke asusu, nawa kwana casa'in kawai yake nuna min?

Abba Kirifto:
Ta waya ba zaka samu ba, shiga ta burauza ka nemi tarihin ciniki ka sauke fayil ɗin na shekara, yakan ɗan ɗauki lokaci kafin su haɗa maka. Amma ni dai ina nan kan bakana, Nura ne da gaskiya