Neman kalmar Hausa: leg da tirot da tsawon da ake lissafawa a waldar filet

Malamin walda: Assalamu alaikum. Ina koyar da yara walda, kuma duk shekara wuri ɗaya muke cijewa. In na zana musu alamar waldar filet, alwatikar nan da ke zaune a kan layi da kibiya, suna gane ta nan take. Amma da na zo kan lambobin da ke gefenta sai Hausa ta ƙare mini, in koma cewa leg, tirot, ifektif lent. Yaro ya haddace, a zo gaban ƙarfe ya rasa inda zai ɗora ma'auni. Ga irin abin da ke kan zanen da muke aiki da shi yanzu, na tsarin ISO 2553, ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta alamomin walda a zane:

```
a5 ◣ 4 × 60 (40)
```

Filet ɗin kansa na daɗe ina ce masa waldar lungu, tunda a lungun da ƙarfe biyu suka haɗu ake zuba ta, kuma ba wanda ya taɓa ruɗewa. Sauran ukun nake nema. Na gwada fassara leg da tirot kai tsaye daga Turanci, "ƙafa" da "maƙogwaro", amma raina bai kwanta ba.

Baba mai walda: Wa alaikumus salam, Malam. Waldar lungu ta yi, mu ma waldar kwana muke cewa, duk ɗaya ne. Amma ka rufa mana asiri ka bar ƙafar nan. A gareji in ka ce wa yaro ƙafa shida, tef zai ɗauko ya auno maka ƙarfe mai tsawon mutum. Inci goma sha biyu ya riga ya ƙwace kalmar tun kafin a haife mu. Ni abin da nake ce wa yarana shi ne kamu. Waldar ta kama ƙarfen ƙasa har ina, ta kama na tsaye har ina? Ka sa ma'auni daga can cikin lungu zuwa inda waldar ta ƙare a jikin ƙarfen, wannan shi ne kamunta. Kamu mili shida, magana ta ƙare.

Malamin walda: Baba, Allah ya ƙara girma. Ban taɓa kawo ƙafar tef a raina ba, alhali da ita muke yini. Kamu ya zauna.

Ɗalibar injiniya: To ashe a zanen Malam kamun mili biyar ne, tunda lambar da ke hagun alwatika kullum girman walda take nunawa. Haka aka koya mana.

Injiniya: Ƙanwata, rabin maganarki daidai ne, kuma ɗaya rabin shi ne dalilin da ya sa ake buƙatar kalmomin nan. Gaskiya lambar hagu girma ce. A tsarin Amurka, na AWS, lamba ce tsirara ba harafi, kuma kamu take nufi. A tsarin ISO kuwa sai kin dubi harafin da ke gabanta. In `z` ne, kamu ne. In `a` ne, tirot ne. Zanen Malam `a5` ya ce.

Ki ɗauka an yanka waldar gida biyu kina kallon bakin yankan. Za ki ga alwatika, gefe biyu sun jingina da ƙarfe, na uku yana kallon waje. Gefe biyun nan su ne kamu. Ki ja layi daga can ƙuryar lungu ya fito kai tsaye ya sari fuskar waje a tsakiyarta, wannan gajeren layin shi ne tirot. Nan ne waldar ta fi siranta, shi ya sa da shi ake lissafin nauyin da za ta ɗauka. In ƙarfen biyu sun haɗu a digiri 90 kuma kamu biyun daidai suke:

```
a = 0.707 × z
z = 1.414 × a
```

Saboda haka `a5` na buƙatar kamu mili 7 da ɗan ɗoriya. Wanda ya karanta shi kamu biyar, abin da zai samu a ciki 3.5 ne kawai. Kusan kashi 30 cikin ɗari na ƙarfin waldar ya tafi, kuma da ido tsaf za a gan ta.

Ɗan Maraɗi: Mu nan zanen da ke zuwa mana da Faransanci yake, kuma `a` muka fi gani. Gwarji muke cewa, shi ma maƙogwaro yake nufi. Tunda harsuna biyu sun haɗu a kansa, mene ne laifin mu ce maƙogwaro mu huta? Wanda ya koya da Hausa in ya shiga littafi zai gane su da wuri.

Baba mai walda: Ɗana, maƙogwaro rami ne, abinci ke wucewa. Walda mai rami a ciki ai ita muke gudu. In na ce wa yaro ya ƙara maƙogwaro me zai ƙara? A ce kauri mana.

Injiniya: Baba, kauri na yi ta juya shi, kuma tsoronsa nake ji. Yaro zai ɗauka duk tudun da ya tara a bayan walda kauri ne. Alhali tudun nan ba ya shiga lissafi. Ana auna tirot ne da alwatika mafi girma da za ta iya zama a cikin waldar, abin da ya kumburo sama da fuskarta asarar sandar walda ce, har ma yakan bar kaifin kwana a bakin waldar inda tsagewa ke son farawa. Akasin haka ya fi haɗari. In fuskar ta loɓa ciki kamar kwarmin cokali, za ka auna kamu ka samu bakwai cif, amma cikin bai kai biyar ba. Shi ya sa gejin filet yake da ɓangaren da ke auna kamu da wanda ke taɓa tsakiyar fuska. Kalmar da muke nema dole ta raba abin da ke aiki da abin da ya taru kawai.

Wani mai gyaran tankoki: Ni zurfi nake cewa. Kwanaki na yi wa wani mutum ƙafafun tankin ruwa, ya zo yana cewa waldar ba ta yi zurfi ba, na ƙara wuta na sake bi, har yau tankin na nan. In wuta ta isa ai shi ke nan. Wace sanda kuke amfani da ita a irin wannan?

Injiniya: Yallaɓai, wannan wata magana ce daban. Kai kana zancen yadda wuta ta ci cikin ƙarfen ne, kuma zurfi ya dace da shi, a bar masa. Wanda muke nema ana auna shi ne daga lungu zuwa waje, ba daga lungu zuwa cikin ƙarfe ba.

Ɗalibar injiniya: Na gode da gyara, Injiniya. Bari in gwada tawa. Tunda tudun baya ba ya aiki, a ce masa tozo, ai tozon sa akwai kitse sosai. Shi kuma na cikin a ce tsoka. Tozo ba ya shiga lissafi, tsoka ke ɗaukar kaya. Tsoka biyar, kamu bakwai.

Baba mai walda: 'Yata, Allah ya yi miki albarka. Wannan ko yaron da ya zo jiya zai gane. "Ka tara tozo ba tsoka", gobe da safe zan fara faɗa.

Ɗan Maraɗi: Tozo na karɓa hannu biyu. Tsoka kuwa ina da ja. Tsoka abu ne mai yawa, ba tazara ba ce, mutum zai iya ɗauka dukan naman waldar ake nufi, ba layi guda da ake aunawa ba. Ni dai a rubuce maƙogwaro zan ci gaba da sawa.

Malamin walda: A ajiye wannan tukuna, a taimaka mini da na ukun. A dama an rubuta `4 × 60 (40)`. Ina gaya wa yara gunduwa huɗu ce, kowace mili 60, a bar fili mili 40 tsakaninsu.

Injiniya: Haka ne a ISO, lambar cikin baka filin da ba walda ne. A kiyaye dai, in zanen na AWS ne za a ga `60-100`, kuma ɗarin nan daga tsakiyar gunduwa zuwa tsakiyar ta gaba ne. Walda ɗaya ce aka rubuta ta hanya biyu. Wanda ya bar fili 100 ya rage waldar ba tare da ya sani ba.

Tsawon kuma, abin lura shi ne farko da ƙarshe. Inda ka kunna wuta ƙarfe bai yi zafi ba, waldar ba ta cika. Inda ka ɗaga sanda kuma ɗan gurbi ke zama. Saboda haka ba duk abin da tef ya nuna ake lissafawa ba, sai inda waldar ta cika girmanta. Ƙa'idar Turai ta EN 1993-1-8 ta ce a cire `2a` daga tsawon, sai fa in an tabbatar waldar ta cika har bakinta biyu. Tsohuwar ƙa'idar Birtaniya ta BS 5950, wadda da yawanmu muka koya da ita, kamu ɗaya take cirewa a kowane bakin da bai zagaya kwana ba.

Mu gwada da zanen Malam. Mai zane yana sa ran 5 sau 240, wato murabba'in mili 1200. A ce yaro ya karanta `a5` a matsayin kamu, ya ja alli 60, ya fara a kan alli ya tsaya a kan alli da gurbinsa. Cikin ya zama 3.5, kowace gunduwa ta koma 53, huɗu 212. A ninka, 742. Bai kai kashi biyu cikin uku na abin da aka nema ba, kuma shi a ganinsa ya bi zane. Akwai kuma iyaka ta ƙasa: a ƙa'idar Turan, gunduwar da ba ta kai mili 30 ba, ko ninki shida na `a` in shi ya fi yawa, ba a ɗora mata nauyi sam. Ɗige ne kawai.

Ni "cikakken tsawo" nake ba da shawara.

Baba mai walda: Cikakken tsawo zai sa yaro ya ɗauka daga baki zuwa baki ne, duka. Ka ce tsawon aiki. Akwai tsawon tef, akwai tsawon aiki. Ni dama in an ce 60, nakan wuce alli kaɗan ta kowane gefe, in na zo ƙarshe kuma in ɗan dawo baya in cike gurbin kafin in ɗaga hannu.

Ɗalibar injiniya: To 60 ɗin da ke kan zane wanne ne, na tef ko na aiki? Don in mai zane ya riga ya ƙara `2a` a ciki, Baba ya yi ƙari sau biyu ke nan.

Injiniya: Ni ina ɗaukarsa tsawon aiki, kuma haka nake rubuta nawa. Amma na ga masu zanen da ke ƙarawa tun a ofis, ba su kuma faɗa. In bayanan da ke ƙasan zane ba su fayyace ba, a tambayi mai shi. In bai samu ba a yi irin ta Baba, ƙarin mili goma a gunduwa ba ya karya kowa.

Malamin walda: Na gode ƙwarai. Na rubuta a allo: waldar lungu, kamu, tozo, tsawon tef, tsawon aiki. Na `a` kuwa na rubuta tsoka da maƙogwaro gefe da gefe. Ranar Litinin zan sa a yanka gunduwa biyu da zarto, mai tozo da mai kwarmi, in ba rabin aji kalma ɗaya, ɗaya rabin ɗayar, in ga waɗanda za su fara ɗora ma'auni a inda ya kamata.

Ɗan Maraɗi: Malam, in ka yanka ka goge bakin da fayil sosai, in ba haka ba ba za su ga ƙuryar lungun ba. Kuma don Allah kada ka ba 'yan maƙogwaro mai kwarmin kaɗai, a yi adalci.