Neman kalmar Hausa ga asusun zuba jari na taron jama'a

Malama Rabi: Ƙanwata ta fara karɓar albashi a watan jiya, kuma a manhajar da take son zuba kuɗi ta ga an rubuta `Mutual Fund` da `Index Fund`, sai ta tambaye ni sunansu da Hausa. Na ce mata na farkon adashin zamani ne, amma zuciyata ba ta kwanta da amsar ba. Ina neman gyara daga masana.

Malam Sabi'u: Malama, a ganina ba ki yi kuskure ba. Mutane da yawa suna tara kuɗi a hannun mutum ɗaya, kamar yadda ake kai zubi wurin uwar adashi, sai dai a nan kamfani ne yake riƙewa. Kowa ya san adashi, don haka sunan zai shiga kunne da sauri.

Alhaji Ɗanladi: Malam Sabi'u, wajen tara kuɗin ka yi daidai, amma daga nan kamar ta ƙare. A adashi abin da mutum ya zuba shi yake kwasa, ba ƙari ba ragi. A wannan asusun kuwa manajan yana sayen hannayen jarin kamfanoni ko takardun bashin gwamnati da kuɗin, mai zubawa kuma yana mallakar kaso ne wanda farashinsa yake hawa da sauka. A ce ƙanwar Malama tana ware naira 20,000 duk wata. A watan farko kaso ɗaya yana naira 200, ta samu kaso 100; a wata na biyu kasuwa ta faɗi, kaso ya koma naira 160, ta samu 125. Ta zuba naira 40,000 ke nan, amma kasonta 225 bai wuce darajar naira 36,000 ba a ranar, kuma ba wanda ya cuce ta. Idan farashin ya koma 200, kason nan ya zama naira 45,000. Wadda aka gaya wa adashi ne, ranar da ta ga 36,000 za ta ɗauka an ci amanarta, ta janye kuɗinta a daidai lokacin da janyewar take tabbatar da asarar. Shi ya sa na fi son a ce asusun jarin haɗaka, domin kalmar jari tana ɗauke da riba da faɗuwa.

Hajiya Binta: Ni ma na taɓa buɗe asusun haɗaka da maigidana a banki, kuma ba mu taɓa yin asara ba.

Alhaji Ɗanladi: Hajiya, wancan asusun ajiya ne na mutum biyu, kuma ruɗanin da kika kawo ya nuna cewa kada a jefar da kalmar jari daga sunan. Ajiyar banki tana da inshorar NDIC, hukumar gwamnati mai kare kuɗin masu ajiya, har zuwa wani iyaka, asusun jarin haɗaka kuwa ba shi da ita. Abin da yake kare shi shi ne rajista da hukumar SEC mai sa ido kan kasuwar jari, da kuma ƙa'idar cewa kadarorin suna hannun wani ma'aji dabam da manajan.

Malama Rabi: Na karɓi wannan, Alhaji. To na biyun fa?

Alhaji Ɗanladi: Shi ma jarin haɗaka ne, sai dai manajansa ba ya zaɓen kamfanoni da hasashensa. Akwai jerin da kasuwa take auna kanta da shi, kamar NGX 30, wanda ya ƙunshi manyan kamfanoni 30 na kasuwar hannayen jari ta Najeriya, sai asusun ya sayi waɗannan kamfanonin gwargwadon nauyin kowanne a jerin. John Bogle ne ya fara buɗe wa jama'a irinsa a Amurka a 1976. Da yake aikin zaɓe ya ragu, ladan manaja yakan yi ƙasa: idan wani yana karɓar kashi 1.5 cikin ɗari a shekara, wani kuma 0.5, to a kan naira 240,000 na farko ya ci 3,600, na biyu 1,200. Ina ba da shawarar asusun bin ma'auni.

Malam Sabi'u: Ma'auni yana kai hankalina ga mudu da tiya ne, ranka ya daɗe. Na fi son asusun bin sawun kasuwa, tunda duk inda kasuwa ta taka, nan yake takawa, har cikin rami.

Alhaji Ɗanladi: Naka ya fi daɗin faɗa, amma ba kasuwar duka yake bi ba. Akwai jerin da aka tace bisa shari'a, kamar NGX Lotus Islamic Index, wanda babu bankunan ruwa da kamfanonin giya a cikinsa, kuma yana iya sauka a ranar da sauran kasuwa ta hau.

Malama Rabi: Zan gaya mata asusun jarin haɗaka a daren nan. Na biyun kuma zan kai mata sunayen biyu, in ga wanda za ta iya maimaita mini ma'anarsa gobe.