Kafin a buɗe sabon shafi: abin da masu gina shafukan intanet a Yamai suka ce a gwada

Da yammacin Asabar muka zauna shan shayi a unguwar Plateau, aka tayar da zancen wani shagon atamfa da ya sauya shafinsa na intanet. Yawancin hirar ta tsaya kan tsofaffin adireshi. Kayan da ke `/boutique/pagne-12` sun koma `/kaya/atamfa-12`, alhali tsohon adireshin ne ke yawo a WhatsApp. Duk wanda ya latsa shi, `404` yake gani, wato ba a sami shafin ba.

Babban cikinmu ya ce a jera tsofaffin adireshin duka tun kafin ranar buɗewa, kowanne a tura shi ga takwaransa, kada a kwashe su gaba ɗaya a zuba a shafin farko. Gwajinsa ke nan:

```
curl -I https://example.com/boutique/pagne-12
```

Ana so amsar ta nuna `301`, wato turawa ta dindindin, layin `Location` kuma ya ɗauki sabon adireshin. In `302` ta fito, turawar ta wucin gadi ce. Wani ya ce, "Yaya, ai ni `301` nake sawa tun farko." Aka ja kunnensa: burauza tana riƙe `301`, ko ka gyara kuskure wayarka za ta yi ta bin tsohuwar hanya, don haka a tabbatar tukuna.

Fom kuwa, ganin "an aika" bai isa ba, sai saƙon ya shiga akwatin mai shago. Lambar waya a Nijar alƙaluma takwas ce, a gwada da +227 da kuma babu shi, a rubuta suna mai ɗ ko ƙ a ga ko ya iso lafiya.

Zancen gwaji a waya an gama shi da wuri: a aro ƙaramar Tecno ko itel, a kashe Wi-Fi, a buɗe da Chrome da Opera Mini. Ni da na ƙara Safari, ko da a iPhone ɗin aro ne.