Ƙaiƙayin tsohon ciki ya hana ni barci, wa ta taɓa yi?

Mai cikin fari: Salamu alaikum 'yan uwa. Cikina wata takwas ne. Nankarwa ta feso min a mara da cinyoyi, ga baƙin layi daga mara har saman cibiya, waɗannan duk na haƙura da su. Abin da ya dame ni ƙaiƙayi ne. Kwana biyar ke nan tafin hannuna da tafin ƙafata na yi min susa, da dare sai na goga ƙafa a bakin gado. Ba ƙurji ko ɗaya.

Maman 'yan biyu: Sannu ƙanwata. Ni ma na yi a cikin 'yan biyuna, amma nawa ƙuraje ne jajaye suka fito a kan nankarwar kanta, suka bazu zuwa cinya, suka bar zagayen cibiya fes. Likita ta ce ba ya taɓa jariri. Man kalamin da wanka da ruwa mai sanyi na yi ta yi, sati biyu da haihuwa ya baje. Naki ma haka ne.

Anti ungozoma: Maman 'yan biyu, naki daban, nata daban. Naki akwai ƙuraje kuma a fatar ciki ya fara. Ita fatarta lafiya lau, ƙaiƙayin yana tafin hannu da ƙafa, yana tsananta da dare, kuma a watannin ƙarshe. Wannan yakan nuna ruwan matsarmama ba ya fita daga hanta yadda ya kamata, sai ya taru a jini. Idan ya yi yawa yana iya sa haihuwa kafin lokaci, har jariri ya rasu a ciki. Ƙanwata, kada ki jira ranar awo, ki je gobe da safe a yi miki gwajin jini na hanta da na ruwan matsarmama. Ko sakamakon farko ya fito lafiya, in ƙaiƙayin bai tafi ba a sake bayan sati ɗaya ko biyu, don wani lokaci susar takan riga jinin nunawa. Ki duba ko fitsarinki ya yi duhu ko idonki ya yi rawaya. In motsin yaro ya ragu, a daren za ki tafi.

Uwargida: Baƙin layin nan in ya wuce cibiya namiji ne, haka kakata ke cewa. Man bilicin na shafa nawa ya tafi.

Anti ungozoma: Yaya, da kansa yake dusashewa 'yan watanni bayan haihuwa, kuma ba ya nuna mace ko namiji. Man bilicin kuwa mai ciki ta guje shi, da yawansa na sirantar da fata, nankarwar ta ƙara faɗi.

Maman 'yan biyu: To ni dai man kaɗanya ya rage min nankarwa, ko da ana cewa gado ce.

Mai cikin fari: Na gode Anti. Fitsarin ya ɗan yi duhu tun shekaranjiya, na ɗauka rashin shan ruwa ne. Na gaya wa maigida, bayan asuba za mu fita.